Ciwon suga, hawan jini da amosanin jini: yadda suke rage jin kunne sannu a hankali

Mai ciwon suga da ke zuwa asibiti ana duba masa ido, da ƙoda, da ƙafa. Mai hawan jini ana auna masa zuciya. Mai amosanin jini, wato sikila, ana lura da yawan jininsa da ciwon ƙashinsa. Da wuya a samu wanda aka tambaya yadda yake ji da kunnensa, alhali cututtukan uku duk suna iya taɓa ji, kuma ta hanya kusan guda suke bi: suna lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da can cikin kunne. Ɓarnar kan ɗauki shekaru kafin mutum ya farga, kuma abin da ya lalace a wannan wuri ba ya dawowa.

Inda kunne yake da rauni

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje, wato fatar kunne da ramin da ke kaiwa ga gangar kunne. Akwai na tsakiya, inda wasu ƴan ƙasusuwa uku ke ɗaukar girgizar gangar su miƙa ta ciki. Sai na ciki, inda wata ƴar gaɓa take mai kamannin katantanwa, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. A cikinta ne ake mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa.

Masu wannan aiki wasu ƙwayoyin halitta ne masu ɗan gashi a kai, kimanin 15,000 a kowane kunne. Da su ake haihuwar mutum, kuma wadda ta mutu a cikinsu jiki ba ya maye gurbinta. Suna aiki ne cikin wani ruwa mai yawan sinadarin fotasiyom, wanda wani siririn zane mai cike da ƙananan jijiyoyin jini a bangon katantanwar ke samarwa dare da rana. Wannan zane kamar batir yake ga kunne. Idan jinin da ke isa gare shi ya ragu, ƙarfin batirin ya ragu, ƙwayoyin gashin su fara gazawa.

Yawancin sassan jiki suna samun jini ta hanyoyi da dama, ta yadda idan ɗaya ta toshe wata za ta taimaka. Cikin kunne ba haka yake ba. Jijiyar jini guda ce siririya ke shiga wurin, kuma ba ta da mataimakiya. Saboda haka duk cutar da ke ƙuntata jijiyoyin jini, ko take kaurara bangonsu, ko take toshe su, tana iya barin tabo a kunne.

An jera ƙwayoyin gashin ne bisa irin sautin da suke kamawa. Waɗanda ke gindin katantanwar su ke jin siraran sauti, irin kukan tsuntsu ko ƙarar agogon hannu, su kuma na can ƙololuwa su ji kakkauran sauti irin na ganga. Na gindin sun fi saurin lalacewa, shi ya sa siraran sauti ne ke fara ɓacewa. A magana, wasula kakkaura ne, amma baƙaƙe irin su s, sh, f da ts sirara ne. Mutum zai ci gaba da jin amon murya da hawa da saukarta, amma ya kasa bambance “sara” da “shara” da “tsara”, ko “sittin” da “tis’in” a cikin hayaniyar kasuwa. Abin da irin waɗannan mutane suka saba faɗa shi ne suna jin ana magana, amma ba su gane abin da ake cewa.

Ciwon suga

Ana cewa mutum na da ciwon suga idan sugan jininsa kafin karin kumallo ya kai giram 1.26 a kowace lita, kamar yadda ake rubutawa a Nijar, Cadi da Kamaru. Wannan adadin shi ne 126 mg/dL ko 7 mmol/L a takardun Najeriya da Gana. Sugan da ya daɗe yana sama yana kaurara bangon ƙananan jijiyoyin jini, ramin da jini ke bi ya ƙuntata. Irin abin da ke faruwa a bayan ido da ƙoda ke nan, kuma masu binciken da suka duba cikin kunnen masu suga bayan rasuwarsu sun tarar da irin wannan kauri a zanen da ke ciyar da katantanwar, tare da raguwar ƙwayoyin gashi. Ban da haka, suga na lalata jijiyoyin saƙo, irin lalacewar da ke sa tafin ƙafa ya mutu ko ya riƙa zafi kamar barkono, kuma jijiyar ji ma ba ta tsira ba.

A shekarar 2008 masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka suka fitar da sakamakon awon ji na manya fiye da 5,000. Sun gano cewa raunin ji ya kusan ninka biyu a tsakanin masu ciwon suga idan aka kwatanta da waɗanda ba su da shi, ko bayan an yi la’akari da shekaru da zama cikin ƙara. Bambancin ya fito fili har a tsakanin waɗanda ba su tsufa ba. Raunin kan kama kunnuwa biyu tare, ya fara da siraran sauti, kuma yawanci ba mai tsanani ba ne da farko. Haɗarin ya fi ga wanda ya daɗe da cutar, da wanda awonsa na HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan watanni uku, ke zama sama da kashi 7 cikin 100 shekara da shekaru. Wanda suga ya riga ya taɓa masa ido, ƙoda ko ƙafa, ya kamata a ɗauka kunnensa ma na bukatar awo.

Akwai wata matsala ta dabam da ke samun masu suga, musamman dattawa. Ƙwayar cuta kan shiga fatar ramin kunne, sau da yawa bayan sosa shi da tsinke ko gashin kaza, ta ci gaba har ta kai ƙashin gindin kai. Alamarta ciwon kunne mai tsanani da ke hana barcin dare, da ruwa ko mugunya da ba ta tsayawa duk da maganin ɗigawa, wani lokaci har gefen fuska ya karkace. Wannan ba ciwon da ake jinya a gida ba ne, domin yana bukatar makonni na maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi a ƙarƙashin kulawar likita.

Hawan jini

Hawan jini shi ne awon da ke tsayawa a 140/90 ko sama da haka a lokuta daban-daban, abin da ma’aikatan lafiya a ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kira 14/9. Jinin da ke bugun bangon jijiya da ƙarfi shekara da shekaru yana sa bangon ya yi kauri ya sandare, jinin da ke wucewa ya ragu. Jijiyar da ke shiga kunne tana cikin mafi sirantar jijiyoyin kai, don haka ɗan ƙuntatawa ma na iya rage abin da ke isa katantanwar.

Alaƙar hawan jini da raunin ji ba ta kai ta suga ƙarfi ba a binciken da aka yi, domin hawan jini ya fi yawa ga masu shekaru, su kuma tsufa kaɗai na rage musu ji. Abin da ya fi bayyana shi ne hawan jini na gaggauta raunin da tsufa da ƙara ke kawowa. Mai injin niƙa ko makanikin da ke wuni kusa da janareto, idan yana da hawan jini, kunnensa na fuskantar duka biyu ne a lokaci guda. Idan suga ya haɗu da hawan jini, kamar yadda ya saba faruwa, ɓarnar kan fi ta kowannensu shi kaɗai.

Masu hawan jini kan yi kukan ƙara a kunne. Idan ƙarar mai ɗorewa ce kamar kukan gyare, yawanci alamar raunin ƙwayoyin gashi ce. Idan kuma tana bugawa daidai da bugun zuciya, to motsin jini ne mutum ke ji, kuma wajibi ne a auna jininsa a kuma duba jijiyoyin wuyansa, musamman idan a kunne ɗaya ne. Ƙarancin jini mai tsanani ma na kawo irin wannan bugu, shi ya sa ake samunsa ga masu sikila.

Amosanin jini

Sikila gado ce. Yaron da ya gaji jinin S daga uwa da uba, wato SS, jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje idan iskar shaƙa ta yi ƙaranci, ko jiki ya rasa ruwa, ko zazzaɓi ya kama shi. Lanƙwasassun ƙwayoyin suna maƙalewa a ƙananan jijiyoyi su tare hanya, abin da ke kawo ciwon ƙashin da aka san cutar da shi. Suna kuma mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayyar ƙwaya na kai kwana 120, don haka jinin kullum a ƙarance yake. Cikin kunne na shan wahala ta fuska biyu: iskar da ke isa gare shi ba ta wadatar ba a kullum, sannan a lokacin tashin ciwo hanyar na iya toshewa gaba ɗaya.

Wannan ya sa raunin ji na sikila ya bambanta da na suga da hawan jini. Yana iya farawa tun ana yaro ko matashi. Yana iya zuwa farat ɗaya a tsakiyar tashin ciwo, a kunne ɗaya ko biyu, wani lokaci da jiri. Wasu jin nasu kan dawo bayan ciwon ya lafa, wasu kuma kowane tashi na barin ɗan gurbi har abin ya taru. Masu jinin SC, waɗanda ake yawan samu a Burkina Faso da arewacin Gana, ciwonsu kan zo da sauƙi a kan na SS, amma su ma ana samun raunin ji a cikinsu idan sun girma.

Hanya ta biyu ita ce ta kamuwa da cuta. Saifar mai SS kan daina aiki tun yana ƙarami, sai ƙwayoyin cutar da ke kawo sanƙarau su same shi cikin sauƙi, kuma sanƙarau na cikin manyan masu kurmantar da yara a yankin Sahel, inda yake tashi a lokacin rani. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a auna jinsa cikin makonnin farko. Yara masu sikila kuma sukan samu kumburin ƴan wuya da naman bayan hanci, wanda ke sa ruwa ya taru a bayan gangar kunne. Wannan nau’in yana warkewa idan an kula da shi, amma kafin a gano, yaron kan koma baya a aji a ɗauka rashin maida hankali ne.

Magungunan da ke ƙara nauyi

Wani ɓangare na ɓarnar daga magani yake zuwa. Allurar jantamisin da danginta irin su amikasin da sitireftomisin na kashe ƙwayoyin gashi, kuma raunin da suke kawowa ba ya komawa. Ƙoda ce ke fitar da su daga jiki, don haka wanda suga, hawan jini ko sikila ya raunana masa ƙoda, maganin kan taru a jininsa ya wuce kima. Furosemid, maganin sa fitsari da ake ba masu kumburi da ciwon zuciya, na iya taɓa ji idan an ba da shi da yawa ta jijiya, kuma haɗarin ya fi girma idan aka haɗa shi da jantamisin. Kinin na zazzaɓin cizon sauro da asfirin mai yawa suna kawo ƙara da toshewar kunne, amma wannan yakan wuce bayan an daina. Masu sikilar da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa ana ba su maganin rage ƙarfen da ya taru a jiki, irin su deferoksamin, wanda shi ma kan taɓa siraran sauti, shi ya sa ake son awon ji kafin a fara da kuma kowace shekara.

Waɗannan magunguna suna ceton rai, kuma bai kamata majinyaci ya yanke su da kansa ba. Abin da ya dace shi ne ya sanar da mai rubuta maganin cutar da yake da ita, ya guji allurar masu tallar magani a kasuwa, ya kuma koma asibiti a ranar da ya fara jin sabuwar ƙara ko jiri.

Yadda ake karanta awon ji

Ana yin awon ne a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa a Yamai ko Injamena, ENT kuma a Kano ko Kumasi. Likita zai fara leƙa kunnen don ya tabbatar ba dauɗa ba ce ko hujewar ganga. Sannan a sa wa mutum abin sauraro, a riƙa sako sauti daga kakkaura zuwa siriri, ana rage ƙarfinsa har a kai mafi ƙanƙantar da yake iya ji. Sirantar sauti ana auna ta da Hz, ƙarfinsa kuma da desibel. Yawan desibel a takardar na nufin sai an ɗaga sautin kafin mutum ya ji. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar matsakaicin sakamako huɗu, na 500, 1000, 2000 da 4000 Hz. Ƙasa da desibel 20 lafiya ne, 20 zuwa 34 rauni kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaici, daga nan abin ya yi ta tsananta.

A ɗauki misalin wani tela mai shekara 54, da ya yi shekara 12 da suga, jininsa kuma na yawan kaiwa 16/10. A kunnen dama an samu 15, 20, 30 da 55, na hagu ma kusan haka. Jimla 120 ke nan, a raba huɗu ya ba da 30, wato rauni kaɗan. Amma matsakaicin ya ɓoye abin da ke damunsa. A kakkauran sauti jinsa kusan lafiya lau ne, a 4000 Hz kuwa, inda s da sh suke, ya yi nisa. Shi ya sa yake hira da mutum ɗaya a ɗaki ba matsala, amma a wurin ɗaurin aure ko ta waya sai ya yi ta cewa a maimaita.

Likitan zai duba abu uku. Na farko, zai ɗora wata ƴar na’ura a ƙashin bayan kunne, wadda ke aika sauti kai tsaye zuwa ciki. Idan sakamakon ya yi daidai da na farko, matsalar a katantanwa ko jijiya take, ba toshewa ba ce. Na biyu, zai duba 8000 Hz. Idan can ma ya ƙara lalacewa, misali 65, wannan gangara ce irin ta tsufa da cutar jijiyoyin jini. Idan kuwa ya farfaɗo zuwa 30, to ramin da ke 4000 Hz ya fi kama da ɓarnar ƙara. Na uku, zai kwatanta kunnuwan biyu, domin babban bambanci a tsakaninsu na bukatar ƙarin bincike. Takardar ba ta iya tabbatar da cewa suga ne ya jawo, amfaninta shi ne ta zama ma’auni. Idan bayan shekara uku telan ya dawo aka samu 20, 25, 40 da 65, matsakaicin ya zama 37.5, ya shiga rukunin da na’urar ƙara ji ke amfani sosai. Bambancin desibel 5 tsakanin awo biyu ba komai ba ne, amma 10 zuwa 15 a wurare da dama alama ce ta cewa abin na ci gaba.

Lokacin da ba a jira

Raunin da ya zo cikin sa’o’i ko kwana uku, yawanci a kunne ɗaya, lamari ne na gaggawa. Mutane da yawa kan ɗauka dauɗa ce ko mura su zauna suna ɗiga mai. Akwai gwaji mai sauƙi: mutum ya rufe baki ya yi gunji a maƙogwaro. Idan ya fi jin gunjin a kunnen da ya toshe, mai yiwuwa toshewar waje ce ko ruwa. Idan ya fi jinsa a lafiyayyen kunnen, to cikin kunne ne ya samu matsala, kuma a nufi asibiti a ranar. Maganin da ake bayarwa, na dangin kortizon, ya fi aiki cikin makonni biyun farko. Sai dai yana ɗaga suga da hawan jini, yana kuma iya tayar da ciwon sikila, don haka ba a sayensa a sha kai tsaye. A wasu lokuta likita kan zuba shi ta allura a bayan gangar kunne don kada ya bi jiki duka. Idan kurmancewar ta zo da jiri mai tsanani, ko tangaɗi, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, tana iya zama farkon shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ke rage saurin ɓarnar

Saukar da suga da hawan jini ba ya dawo da ƙwayoyin gashin da suka mutu, amma yana kare jijiyoyin da ke ciyar da waɗanda suka rage. Ga mai sikila, duk abin da ke rage yawan tashin ciwo yana cikin kariyar kunne: shan ruwa sosai a watannin zafi, gidan sauro, rigakafin sanƙarau da na ciwon huhu, da bin asibitin masu cutar, irin cibiyar ƙasa ta amosanin jini da ke Yamai. Ƙara kuwa ita ce abin da mutum ya fi iko da shi. Desibel 85 na tsawon awa takwas shi ne iyakar da ake bi a wuraren aiki, kuma kowane ƙarin desibel 3 na raba lokacin gida biyu. Idan sai an ɗaga murya kafin wanda ke nesa da taku ɗaya ya ji, wurin ya kai wannan iyaka, kuma abin toshe kunne na roba ya fi auduga nesa ba kusa ba.

Mai ɗaya daga cikin cututtukan uku ya dace ya yi awon ji sau ɗaya tun bai ga alama ba, ya ajiye takardar tare da katinsa na asibiti, ya maimaita bayan shekara ɗaya ko biyu, ko da zarar iyalinsa sun fara cewa ya cika ƙure rediyo. Ga yaro mai SS, lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin shiga makaranta, da kuma bayan duk wata doguwar jinya da aka yi masa allurai a cikinta.